Yadda kashiya zai rubuta wa manaja rahoton barazanar da abokin hulɗa ya yi masa

A shekarun da na yi ina duba aikin kashiyoyi a wani reshen banki da ke Gusau, rahotannin barazana da suka biyo ta teburina kusan duk ciwonsu ɗaya ne: mai rahoton yana rubuta abin da ya ji a ransa, ya manta da abin da kunnensa ya ji. Sai ka ga takarda ta cika da "ya ci mini mutunci", "ya yi mini barazana mai tsanani", "ya tayar da hankalin kowa", amma idan manaja ya tambaya mene ne ainihin abin da mutumin ya faɗa, sai a rasa shi a cikin takardar. Manaja kuwa ba zai iya ɗaukar mataki a kan ɓacin rai ba. Abin da zai iya kai wa sashen tsaro na banki, ko ya miƙa wa 'yan sanda, shi ne kalmomin da aka furta, da lokacin da aka furta su, da waɗanda suka ji. Zan bi matakan ta hanyar misali guda, na wata kashiya da wani ɗan kasuwar hatsi, kuma na sakaya sunaye na sauya wasu bayanai domin kada a gane kowa.

Ga yadda abin ya faru. Ranar wata Litinin da hantsi, ɗan kasuwar ya miƙo takardar cire naira 400,000 a kanta ta uku. Da kashiyar ta shigar da lambar asusunsa, sai allon kwamfuta ya nuna PND, wato an dakatar da fitar da kuɗi daga asusun, saboda ba a haɗa shi da lambar NIN ba. Wannan ba abin da kashiya take da iko a kansa ba ne, domin a watan Disamba na 2023 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su sanya irin wannan takunkumi a kan asusun da ba su cika sharaɗin BVN da NIN ba. Amma mutumin da ya bar motar masara tana jiransa a kasuwa, ga masu kaya suna kiransa a waya, ba Babban Banki yake gani ba, fuskar da ke bayan gilashi yake gani.

Kafin a taɓa takardar rahoto

Matakin farko ba rubutu ba ne. Da zarar maganar ta wuce faɗa ta koma barazana, ka kulle durowar kuɗinka, ka kulle allon kwamfutarka, ka kira shugaban sashen ayyuka ko mai gadin da ke cikin zaure, kuma kada ka fito daga bayan kanta domin ka ba mutumin haƙuri ko ka mayar masa da martani. Ka sanar da manaja da baki nan take, domin idan mutumin yana tsaye a bakin ƙofa yana jira, ba za a jira takarda ba.

Bayan an fitar da shi, ka nemi minti goma, ka ɗauki farar takarda ka rubuta abu uku kawai da hannunka: kalmomin da ya faɗa kamar yadda suka fito, lokaci, da sunayen ma'aikatan da ke kusa. Ka yi wannan kafin ka ba kowa labari. Dalili shi ne, da zarar abokan aiki sun taru kowa yana cewa "ai ni na ji ya ce kaza", maganarsu za ta gauraya da taka, kuma zuwa la'asar ba za ka iya rarrabe abin da ka ji da kunnenka da abin da aka gaya maka ba. Wannan 'yar takarda ka sa mata hannu da kwanan wata, ka ajiye ta. Ita ce uwar rahoton, kuma idan magana ta yi nisa ana iya neman ta.

Rarrabe fushi da barazana

A nan ne ya kamata a daɗe, domin a nan rahoto yake samun nauyinsa ko ya rasa shi. Ɗan kasuwar nan ya faɗi maganganu da yawa cikin minti shida ko bakwai, kuma ba duka ba ne barazana.

Ya ce, "Allah ya isa tsakanina da ku." Wannan magana tana da zafi a zuciyar duk Bahaushe, amma kai ƙara ce wurin Ubangiji, ba alkawarin cutarwa ba. Ya kuma ce zai rufe asusunsa, zai kai ƙarar bankin har Abuja. Wannan haƙƙinsa ne tsantsa, domin Babban Banki yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, wanda ake kai wa koke idan bankin mutum bai warware masa matsala ba. Kashiyar da ta rubuta wannan a matsayin barazana ta raunana rahotonta da hannunta, domin mai karantawa zai ɗauka cewa ba ta son a yi ƙorafi a kanta ne kawai. Ya kuma zage ta, ya ce ba ta da tarbiyya. Zagi laifi ne, kuma ya cancanci shiga rahoto, amma a ƙarƙashin sunansa na zagi.

Sai kuma magana ta ƙarshe, wadda ya faɗa bayan ya sassauta murya ya matso da fuskarsa kusa da ramin gilashi: "Na san unguwarku, na san mai keken da ke ɗaukar ki. Ki tashi aiki ki hito, za ki gani." Wannan ita ce barazanar, kuma abin da ya mayar da ita barazana abu uku ne da suka haɗu a cikinta. Ta nufi mutum guda, ba banki ba. Ta nuna cewa yana da masaniya a kan rayuwarta a wajen aiki. Sannan ta ambaci lokaci da wuri, wato tashi daga aiki da bakin ƙofa. A jiharmu ta Zamfara, inda kowa ya san abin da ke iya biyo bayan a ce an san hanyar da mutum yake bi, babu manajan kirki da zai karanta wannan jimla ya ajiye takardar zuwa gobe.

Ka lura na bar "hito" yadda ya faɗe ta da harshenmu na nan, ban gyara ta zuwa "fito" ba. Haka ake so. Rahotannin banki da Turanci ake rubuta su, kuma kuskuren da na fi gani shi ne kashiya ya fassara maganar kai tsaye ya watsar da asalinta. "Za ki gani" tana iya nufin zai kai ƙara, tana iya nufin zai sa a tare ta a hanya, kuma duk fassarar da ka zaɓa ka riga ka yanke hukunci a madadin manaja. Saboda haka ka rubuta Hausar a cikin alamar zance, harafi da harafi, sannan ka kawo fassarar a ƙarƙashinta, ka nuna cewa fassararka ce. Idan akwai kalmar da ba ka ji sosai ba saboda hayaniyar zaure ko ƙarar injin ƙirga kuɗi, ka faɗi haka a fili, kada ka cike gurbin da abin da kake zato.

Haka nan abin da jiki ya yi. "Ya yi kamar zai doke ni" zato ne. "Ya bugi gilashin kanta da tafin hannunsa na dama sau biyu, har abin ajiye biro ya faɗi ƙasa" abu ne da kyamara za ta gaskata. Idan ya sa hannu a aljihu, ka rubuta cewa ya sa hannu a aljihu kuma ba ka ga abin da ke ciki ba. Kada ka rubuta cewa yana ɗauke da makami sai idan idonka ya gan shi.

Ɗaure labarin da lokaci

Kada ka rubuta "da hantsi" ko "wajen sha ɗaya". Kashiya yana da gatan da mafi yawan masu ba da shaida ba su da shi, domin duk abin da ya taɓa a kwamfuta yana barin sawu da awa da minti. Ka duba jerin ayyukanka na ranar, ka nemo cinikin ƙarshe da ka kammala kafin mutumin ya iso gabanka, da na farko bayan ya tafi. A misalinmu, kashiyar ta karɓi ajiyar wani da ƙarfe 11:14, kuma ba ta sake kammala wani ciniki ba sai 11:41. Ke nan duk abin da ya faru yana cikin waɗannan minti 27, kuma mai duba kyamara ba zai ɓata yini yana lalube ba.

Wani abu da ba kowa ke lura da shi ba shi ne, agogon na'urar kyamara da agogon kwamfuta ba lallai su yi daidai ba, musamman a reshen da ake yawan sauyawa tsakanin wutar gari da janareta. Na taɓa ganin tazarar minti tara a tsakaninsu, har aka fara zargin mai rahoto da ƙarya. Don haka ka faɗi agogon da ka yi amfani da shi. Sannan ka roƙi a rubuce cewa a kwafe hoton wannan lokaci a adana, domin na'urar tana goge tsohon hoto ta ɗora sabo a kansa idan ma'ajiyarta ta cika. Ka kuma tuna cewa kyamarori da yawa hoto kawai suke ɗauka babu sauti. Za su nuna ya matso da fuskarsa, amma ba za su nuna abin da ya ce ba. Wannan ya sa shaidu suke da muhimmanci. Ka ambaci kashiyar kanta ta biyu da mai gadi da sunansu da matsayinsu, ka faɗi inda kowa yake tsaye, amma kada ka rubuta musu abin da suka ji. Kowa ya rubuta nasa dabam. Idan bayanai uku suka zo da kalmomi iri ɗaya sak, mai bincike zai gane cewa a zama ɗaya aka tsara su.

Faɗin naka kason

Wannan shi ne matakin da ya fi wuya, kuma ina roƙon duk kashiya kada ya tsallake shi. Kashiyarmu, bayan ta ga PND, ba ta yi wa mutumin bayani nan take ba. Ta ce ya koma gefe ya jira, ta je ta tambayi shugabanta, ta dawo bayan minti goma sha biyar. Da ya ɗaga murya kuma, ta ce masa, "Alhaji, ba ni na riƙe maka kuɗi ba, ka daina yi mini ihu." Ba ta zage shi ba, amma ta ɗaga murya ita ma. A rubutunta na farko babu wannan. Na mayar mata da takardar na ce ta saka, domin manaja zai kira mutumin ya ji ta bakinsa, kuma abin da zai fara faɗa ke nan. Idan manaja ya ji daga bakinsa abin da ba ya cikin rahotonki, daga nan zai fara shakkar sauran, har da barazanar da take gaskiya. Jinkirin minti goma sha biyar ba ya halatta wa kowa ya ce ya san hanyar gidanki, kuma faɗinsa ba ya rage wa ƙararki komai.

Tsarin takardar da misalinta

A sama ka sa wanda aka rubuta wa, wato manajan reshe, ta hannun shugaban sashen ayyuka, sai sunanka da lambarka ta aiki da lambar kantarka, da kwanan watan da abin ya faru da na ranar rubutu. Idan bankinku yana da fom na musamman don irin wannan, ka cike shi ka liƙa cikakken bayanin a bayansa. Jimlar farko ta ɗauki abin da ya fi nauyi, domin manaja yana iya karanta ta a tsaye tsakanin waya biyu. Ga yadda jikin rahoton kashiyarmu ya kasance bayan gyara, na kawo shi nan da Hausa:

"Ranka ya daɗe, ina sanar da kai cewa yau Litinin, tsakanin ƙarfe 11:14 da 11:41 na safe bisa agogon kwamfutata, wani abokin hulɗa ya yi mini barazana a kanta ta uku, inda ya ce ya san unguwarmu kuma in fito bayan tashi daga aiki zan gani. Ina neman a ɗauki mataki kafin lokacin tashi na yau.

"Ya miƙo takardar cire naira 400,000 daga asusun da lambarsa ta ƙare da 4417. Allo ya nuna PND saboda rashin NIN. Na ce ya jira, na je wurin shugaban sashen ayyuka, na dawo bayan kimanin minti goma sha biyar, na gaya masa cewa ba za a iya biyan sa ba sai ya je teburin kula da abokan hulɗa an haɗa lambar. Ya ɗaga murya ya ce Allah ya isa, ya ce zai kai ƙara, ya ce ba ni da tarbiyya. Ni ma na ɗaga murya na ce, 'Alhaji, ba ni na riƙe maka kuɗi ba, ka daina yi mini ihu.' Ya bugi gilashi da tafin hannunsa sau biyu. Daga nan ya matso ya ce da murya ƙasa-ƙasa: 'Na san unguwarku, na san mai keken da ke ɗaukar ki. Ki tashi aiki ki hito, za ki gani.' Ban ga makami a tare da shi ba. Na kulle durowa na kira mai gadi, wanda ya raka shi waje. Mai gadin ya shaida mini daga baya cewa ya tafi a kan babur. Ni ban ga tafiyarsa ba.

"Ban san shi a wajen aiki ba, kuma ban san yadda ya san unguwarmu ba. Gaskiya ne cewa mai keke guda ne yake ɗauka ta kullum. Kuɗin durowata sun cika daidai da lissafi, kuma takardar cire kuɗin da ba a biya ba tana liƙe da wannan rahoto."

A duba abubuwa biyu a ciki. Ta bambanta abin da ta gani da abin da mai gadi ya gaya mata. Ta kuma tabbatar da cewa maganar mai keke gaskiya ce, wanda shi ne ya nuna wa manaja cewa mutumin ba cika baki kawai yake yi ba. Ambaton cikar kuɗin durowa kuwa yana rufe wata ƙofa, domin ana iya tayar da hayaniya a kanta da gangan don a ɗauke hankalin kashiya, kuma mai binciken cikin gida zai so ya san an ƙirga.

Lambobi huɗu na ƙarshe na lambar asusun sun wadatar a jikin rahoton, domin takardar za ta bi ta hannaye da yawa, kuma manaja yana iya samo cikakken bayanin daga takardar da aka liƙa. Kada ka sa adadin kuɗin da ke cikin asusun, kada kuma ka koma ka buɗe bayanan mutumin domin ka ga adireshinsa ko hotonsa. Kwamfuta tana rubuta duk wanda ya buɗe asusu, kuma kana iya tashi daga mai ƙara ka koma wanda ake tuhuma. Haka nan ɗaukar hotonsa daga allon kyamara a tura wa 'yan uwa ko zauren abokan aiki a waya; sirrin abokin hulɗa yana nan ko da ya yi laifi, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi bankuna. Ka bar ƙabilarsa da garinsu da jita-jitar da ake yi a kansa a waje. A wuri irin namu, rubuta cewa "an ce yana da alaƙa da mutanen daji" ba tare da hujja ba yana iya jawo wa mutum abin da ba za a iya gyarawa ba.

Abin da kake nema, da abin da zai biyo baya

Rahoton da ya ƙare da "domin sanarwa da ɗaukar matakin da ya dace" ya bar manaja ya yi abin da ya fi masa sauƙi. Ka faɗi buƙatarka dalla-dalla, kuma ta zama abin da reshe zai iya yi. Kashiyarmu ta nemi a adana hoton kyamarar kanta ta uku da ta bakin ƙofa daga 11:00 zuwa 12:00, a sanar da 'yan sandan da ke gadin reshen, a kai ta gida da motar banki na 'yan kwanaki, a mayar da ita aikin ciki na ɗan lokaci, kuma idan mutumin ya dawo wani ma'aikaci ya saurare shi. Ta kuma nemi a warware masa matsalar NIN ɗin da wuri, wanda a ganina shi ne mafi hikima a cikin buƙatunta, domin muddin kuɗinsa suna riƙe, wutar tana nan ba ta mutu ba. Ba ta nemi a rufe asusunsa ko a kama shi ba. Wannan hukunci ne na manaja da sashen shari'a na banki.

Game da 'yan sanda, tsoratar da mutum da barazanar cutarwa laifi ne a dokar Final Kod da jihohin Arewa suka gada, a sashe na 396 da na 397, kuma hukuncin yana ƙaruwa idan barazanar ta kisa ce ko ta mummunan rauni. Kana da damar kai ƙara caji ofis a matsayinka na wanda abin ya shafa, amma ka rubuta a rahoton ko kana da niyyar yin haka, domin banki ya san matsayinka ya kuma haɗa ka da lauyansa. Kada ka ɗauki takardun banki ka kai da kanka; 'yan sanda za su neme su a hukumance.

Ka miƙa rahoton a ranar, kafin a rufe lissafi. Ka buga kwafi biyu, ka sa hannu, ka sa wanda ya karɓa ya rubuta lokaci ya sa hannu a kan naka, ko ka tura ta imel ɗin aiki domin ya bar sawu. Idan daga baya ka tuna wani abu, kada ka sauya takardar farko, ka rubuta ƙari mai kwanan watansa.

Akwai abu guda da kusan kullum yake biyo baya a garuruwanmu, wato zuwan masu ba da haƙuri. Washegari ko jibi sai ga wani dattijo daga kasuwa, ko limamin unguwa, ko ma wani ɗan uwanka, sun zo a kashe magana. Sulhu alheri ne, kuma sau da yawa shi ne yake kawo ƙarshen abin da gaske. Sai dai a yi shi a ofishin manaja, ba a gidanka ba, kuma a rubuta ƙarin bayani cewa an yi, da ranar, da waɗanda suka halarta, da abin da mutumin ya ɗauki alkawari. Rahoton farko ya zauna a fayil, ba a janye shi. Idan kuwa wani ya zo har ƙofar gidanku a kan maganar, ko aka kira ka da lambar da ba ka ba kowa a banki ba, ko da da sunan ban haƙuri ne, ka rubuta lambar da lokacin kiran da abin da aka ce, ka kai wa manaja a matsayin ƙari na biyu a safiyar da ta biyo baya.